Lissafin ƙwaya da sirof ga masu tsoron lamba: tambayoyin da ɗalibai suka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban nas da na makarantun koyon aikin lafiya suke yawan yi idan aka zo kan lissafin magani, musamman waɗanda tun a sakandare suka raba gari da lissafi. Hanyar da zan bi ita ce wadda ake ce wa daimenshinal analisis a aji, wato jera ma'aunai kana soke su ɗaya bayan ɗaya har wanda kake nema ya rage. Ƙwaya da maganin ruwa na sha kawai za mu taɓa, ba ruwanmu da ƙarin ruwa ko allura a nan.

Malama ni fa da na ga lamba kaina yake ɗaurewa, anya zan iya?

Za ki iya ƙanwata, don abin da ake buƙata a wajenki biyu ne, ninkawa da rabawa, su ma kalkuleta na iya yi miki. Inda mutane suke rikicewa shi ne wace lamba za ta hau sama wacce za ta sauka ƙasa, ko 500 zan raba da 250 ko 250 zan raba da 500, to wannan hanyar aikinta ke nan, ta ɗauke miki wannan zaɓin. Ke dai ki dinga rubuta kowace lamba da sunan ma'auninta a gefe, mg ne ko mL ne ko ƙwaya, su ma'aunan ne za su nuna miki inda kowace lamba za ta zauna.

Kin ma saba yi ba ki sani ba. In aka ce lemo 3 naira 200 ne, ke kuma guda 6 kike so, ba sai an ba ki fomula ba kin san naira 400 za ki biya, saboda kin riƙe cewa lemo 3 da naira 200 tafiyarsu ɗaya. To haka kwalin magani yake, in an rubuta 500 mg a jikin kwalin farasitamol, ana nufin ƙwaya 1 da miligiram 500 abu ɗaya ne.

To wai yaya ake yin ta daga farko?

Bari mu yi da wanda kowa ya sani. Likita ya rubuta a kati a ba babban mutum farasitamol 1 g, abin da ke cikin kabad kuma ƙwaya ce mai 500 mg. Ƙwaya nawa za ka ba shi?

Kafin komai ka rubuta abin da kake nema a can ƙarshen layi, wato ƙwaya. Sai ka dawo farkon layi ka rubuta abin da likita ya rubuta, 1 g. Yanzu ka dubi matsalar, kati da giram yake magana kwali kuma da miligiram, dole a samu abin da zai haɗa su, shi ne giram 1 daidai yake da miligiram 1000. Wannan za ka rubuta shi sama da ƙasa, amma ka sa g a ƙasa, saboda g ɗin likita yana sama kuma so kake su soke juna. Da ka soke g abin da ya rage a sama mg ne, shi ma ba shi kake nema ba, sai ka kawo abin da ke jikin kwali ka sa mg ɗinsa a ƙasa ƙwaya a sama.

```
1 g × (1000 mg / 1 g) × (1 ƙwaya / 500 mg) = 2 ƙwaya
```

Ka ɗauki biro ka ja layi a kan g na sama da g na ƙasa, ka ja a kan mg da mg, ka ga abin da ya rage ba a soke ba ƙwaya ce kaɗai. Sai a wannan lokacin za ka taɓa lamba, ka ninka duk na sama ka samu 1000, ka ninka duk na ƙasa ka samu 500, ka raba, ƙwaya 2. Ni ina matsa wa ɗalibai su ja layin nan da hannunsu ko da lissafin mai sauƙi ne kamar wannan, don in hannu bai saba a kan mai sauƙi ba ranar da mai wuya ya zo ba zai yi ba.

Me ya sa ya halatta in ninka da 1000 mg a kan 1 g, ba na canza yawan maganin ba?

Ba ka canza ba. Abin da ke sama da abin da ke ƙasa yawansu ɗaya, miligiram 1000 shi ne giram 1, kuma duk abin da ka raba da kansa 1 zai ba ka, ninkawa da 1 kuwa ba ya ƙara komai ba ya rage komai. Sunan ma'aunin kawai ka sauya. Shi ya sa kana da ikon juya shi yadda ka ga dama, ko mg a sama ko g a sama, duk daidai ne, wanda zai soke maka abin da kake son sokewa shi za ka ɗauka.

Idan na juya shi ba daidai ba fa, ta yaya zan gane?

Nan ne na fi son wannan hanyar. A ce ka kuskure ka sa 500 mg a sama:

```
1000 mg × (500 mg / 1 ƙwaya) = 500000 mg × mg / ƙwaya
```

Tun kafin ka danna kalkuleta ka nemi abin sokewa ka rasa, mg biyu duk suna sama, ƙwayar da kake nema kuma ta koma ƙasa. Babu wani abu a duniya da ake aunawa da mg sau mg a kan ƙwaya. Da ka ga haka ka san ka juya wani abu, sai ka koma ka gyara, ba ka jira wani ya gano maka ba. Wanda yake rubuta lambobi tsirara ba ma'auni, shi kam ba shi da wannan ƙararrawar, duk abin da kalkuleta ta nuna masa shi zai ɗauka.

Ni ƙwaya ba ta ba ni wahala, sirof ne matsalata, wannan 5 mL ɗin ina zan kai shi?

Yawancin ɗalibai a nan suke faɗuwa, kuma dalilin ɗaya ne, suna karanta rabin abin da ke jikin kwalba su bar rabi. Kwalbar amoksisilin ta yara za ki ga an rubuta 125 mg/5 mL, ma'ana a cikin kowane mililita 5 akwai magani miligiram 125. Lambobin nan biyu ba sa rabuwa, tare suke shiga lissafi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

A ce an rubuta wa yaro 200 mg. Abin da kike nema mL ne don shi za ki zuƙa a sirinji, saboda haka mL a sama, mg a ƙasa ya soke na likita:

```
200 mg × (5 mL / 125 mg) = 1000 / 125 = 8 mL
```

Wadda ta manta da 5 ɗin nan za ta raba 200 da 125 ta samu 1.6, ta zuƙi mililita 1.6 ta ba yaro, alhali abin da ke cikin wannan ɗan ruwan miligiram 40 ne kacal, kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta. Yaro ba zai suma ba, ba zai yi amai ba, babu abin da zai nuna a take cewa an yi kuskure, sai dai kwana uku ana ba da magani zazzaɓi bai sauka ba a fara cewa maganin ne ba ya aiki, a canza wani, alhali ba a taɓa ba shi maganin yadda ya kamata ba. Wannan kuskuren yana damuna ƙwarai saboda ɓoyayye ne.

Sai abu na biyu, amoksisilin ɗin nan iri biyu ake yawan samu a famasi, akwai 125 mg/5 mL akwai 250 mg/5 mL, kwalaben ma wani lokacin kamarsu ɗaya. In ta 250 ce a hannunki, wannan 200 mg ɗin mililita 4 ne ba 8 ba. Don haka kada ki taɓa cewa ai jiya 8 na ba shi, ki ɗauki kwalbar yau ki karanta da idonki.

Kuma in gari ne a kwalbar wanda ake zuba wa ruwa, abin da aka rubuta na 125 mg/5 mL ba zai zama gaskiya ba sai an zuba ruwan daidai yadda kamfani ya ce, ko zuwa layin da ke jikin kwalba ko adadin mililitan da suka rubuta. In aka cika ruwa ya wuce layi maganin ya tsinke, in aka rage ya yi kauri, lissafinki ya tashi a banza ko da kin yi shi daidai. A girgiza kwalba kafin kowane awo, don garin yana kwanciya a ƙasa.

Idan likita ya rubuta mg/kg fa, sai na yi lissafi biyu ke nan?

Layi ɗaya ne, tsawo kawai zai ƙara. Yaro mai kilo 12, an rubuta farasitamol 15 mg/kg, kwalbar kuma 120 mg/5 mL. A wannan karon da nauyin yaro za ka fara. 15 mg/kg yana nufin miligiram 15 ga kowane kilo 1, to mg a sama kg a ƙasa, ya soke kilon yaron, sai kwalba ta biyo baya kamar ɗazu.

```
12 kg × (15 mg / 1 kg) × (5 mL / 120 mg) = 900 / 120 = 7.5 mL
```

kg ya tafi, mg ya tafi, mL ya rage. Ina ba da shawara ka ɗan tsaya a tsakiya ka rubuta 12 sau 15 a gefe, 180 mg, saboda wannan lambar ce za ka iya kwatantawa da littafin magani ka ga ko ta yi daidai da yaro mai wannan girman.

Kilon kuma na sikeli ake nufi, na yau, ba wanda aka ƙiyasta da ido ba kuma ba na katin wata shida da suka wuce ba. Yaron da ya sha gudawa ko yake fama da tamowa shekarunsa ba sa nuna nauyinsa ko kaɗan.

Akwai farasitamol na jarirai da ake ɗigawa wanda wasu kamfanoni suke yinsa 100 mg/1 mL, ya fi sirof ƙarfi nesa ba kusa ba. Da shi wannan 180 mg ɗin mililita 1.8 ne. Wanda ya zuƙi 7.5 daga irin wannan kwalbar ya ba yaro miligiram 750, sama da ninki huɗu, farasitamol kuwa in ya yi yawa hanta yake lalatawa.

Mene ne bambancin mg/kg/dose da mg/kg/day, ni duk ɗaya nake ganinsu

Ba ɗaya ba ne ɗan'uwa, ka kula da wannan sosai. Na farko yana nufin abin da za a sha a lokaci ɗaya, na biyu kuwa jimillar na yini guda ne wanda sai an kasa shi gida biyu ko uku ko huɗu. A lissafi ka ɗauki rana da sha su ma a matsayin ma'auni, a soke su kamar sauran.

Ga yaro mai kilo 9 da ciwon nimoniya, likita ya rubuta amoksisilin 80 mg/kg a rana, a kasa biyu safe da yamma, kwalba 250 mg/5 mL. Abin da kake nema mL a kowane sha.

```
9 kg × (80 mg / kg / rana) = 720 mg / rana
(720 mg / 1 rana) × (1 rana / 2 sha) × (5 mL / 250 mg) = 7.2 mL / sha
```

Rana ta ƙasa ta soke rana ta sama, mg ya soke mg, saura mL a sama sha a ƙasa, daidai abin da ka ce kana nema. In ka tsallake gaɓar nan ta tsakiya za ka samu 14.4, kuma in ka duba ma'aunin da ya rage za ka ga mL a rana ne ba mL a sha ba, shi ne zai tona maka. Wanda bai duba ba zai ba yaro 14.4 da safe ya ƙara 14.4 da yamma, ninki biyu ke nan.

Da wannan layin ma za ka iya sanin ko kwalba ɗaya za ta isa. In kwana 5 aka rubuta, 7.2 sau 2 sau 5, mililita 72. Kwalba mai 100 mL ta isa, mai 60 mL ba za ta kai ba, gara ka faɗa wa uwar yaro tun yanzu kada magani ya ƙare ta ɗauka an gama.

Maikrogiram ɗin nan da lambobi masu ɗigo su ne suke tsorata ni

Tsoron nan yana da amfani, don magungunan da ake aunawa da maikrogiram masu ƙarfi ne, ɗan kuskure kaɗan yana iya yin ɓarna. Abin riƙewa dai kaɗan ne, giram 1 miligiram 1000 ne, miligiram 1 maikrogiram 1000 ne, lita 1 mililita 1000 ce.

Misali digoksin, maganin zuciya. An rubuta 125 mcg, kwali ya ce 0.25 mg.

```
125 mcg × (1 mg / 1000 mcg) × (1 ƙwaya / 0.25 mg) = 125 / 250 = 0.5 ƙwaya
```

A ƙasa 1000 sau 0.25 ya ba da 250, sai ɗigon ya ɓace da kansa, 125 a kan 250 kuwa rabi ne. Wanda bai lura cewa ɗaya mcg ne ɗaya mg ba zai raba 125 da 0.25 ya samu ƙwaya 500, wanda ko ba a faɗa ba ka san ba zai yiwu ba. Mai haɗarin shi ne kuskuren da ya yi kama da gaskiya, kamar a samu 5 maimakon 0.5 saboda ɗigo ya ɓata. Shi ya sa ake koyar da cewa kullum a rubuta sifili kafin ɗigo, 0.5 ba .5 ba, kuma kada a rubuta sifili bayan cikakkiyar lamba, 5 ba 5.0 ba, don in ɗigon bai fito ba a takarda sai a karanta 50. Alamar µg ta maikrogiram ma a rubutun hannu tana iya kama da mg, in kika ga rubutu bai fito ba ki je ki tambayi wanda ya rubuta, ba abin kunya ba ne.

In amsa ta fito rabin ƙwaya kawai in karya?

Sai ka duba irin ƙwayar. Mai tsaga a tsakiya galibi an yi ta ne don a iya rabawa. Amma kafso ba a raba shi, haka ƙwayar da aka yi ta don ta dinga sakin magani a hankali, irin masu SR ko MR ko XL a jikin suna, da masu rufin da ke hana su narkewa a ciki sai sun isa hanji, waɗanda ake sa wa EC. In ka fasa mai sakin magani a hankali, abin da aka tsara ya shiga jiki cikin awanni da yawa yana iya shiga gaba ɗaya. In kuma amsa ta fito wani abu kamar ƙwaya 1.3, kada ka yanke wa kanka hukunci, ko dai akwai kuskure a lissafi ko kuma wani ƙarfin ƙwayar ake nufi ba wanda ke hannunka ba, ka tuntuɓi mai haɗa magani ko likita.

Yaushe zan taƙaita lamba mai dogon wutsiya?

A ƙarshe, sau ɗaya. Kada ka taƙaita a tsakiyar layi. Kuma ka duba abin da za ka auna da shi, sirinji mai 10 mL da yawa layukansa 0.2 ne tsakaninsu saboda haka 7.2 zai aunu daidai, in kuma abin bai kai mililita 1 ba ka nemi sirinji mai 1 mL. Cokalin gida kam a bar shi, a littafi ƙaramin cokali mililita 5 ne amma cokulan da ke kicin kowanne da girmansa. In za ka sallami uwa, ka zuƙi ruwan a gabanta ka nuna mata layin, in da hali ka sa alama da biro a jikin sirinjin ko kofin awo, sannan ka ce ita ma ta gwada ka gani.

An koya mana fomula, abin da ake so a raba da abin da ke hannu a ninka da yawan ruwa. In watsar da ita?

A'a, daidai take, kuma in ka duba misalin 200 mg ɗin can za ka ga lambobi ɗaya ne. Inda take gazawa shi ne ba ta tuna maka cewa kati giram ya ce kwali miligiram, ba ta da gurbin kilo, ba ta da gurbin sau nawa a rana, duk waɗannan sai ka yi su a gefe ka riƙe a ka, a nan ake zubar da wani abu. Ni dai na fi son mai farawa ya kama hanyar soke ma'auni, fomular kuma ya dinga gwada amsarsa da ita, in suka ba shi lamba ɗaya hankalinsa ya kwanta.

Akwai yadda zan san amsata ta yi hankali tun kafin kalkuleta?

Akwai, ki kwatanta abin da aka rubuta da abin da ke jikin kwalba. An ce 200 mg, kwalba ta ce akwai 125 a mililita 5. To 200 ya fi 125, dole amsa ta wuce 5, kuma bai kai 250 ba wanda shi ne ninki biyu, dole amsa ba ta kai 10 ba. 8 ya shiga tsakani, 1.6 bai shiga ba. Wannan daƙiƙa kaɗan yake ɗauka kuma yana kama kuskuren danna kalkuleta, wanda soke ma'auni ba ya iya kamawa. A ƙwaya kuma, in amsa ta wuce uku ko huɗu na magani ɗaya a sha ɗaya, ki tsaya ki sake dubawa, akwai magungunan da haka ake shansu amma ba su ne suka fi yawa ba.

In lissafina ya fita daidai shi ke nan na tsira?

Da saura. Hanyar nan tana juya abin da aka rubuta ne zuwa ƙwaya ko mililita, ba ta san ko abin da aka rubutan daidai ne ba. In aka yi kuskure aka rubuta wa yaron can mai kilo 12 farasitamol 1800 mg maimakon 180, ma'aunai za su soke tsaf su ba ka mililita 75, layin ba zai yi ƙorafi ba. Kai ne za ka san cewa farasitamol na yaro miligiram 10 zuwa 15 ne a kowane kilo, ba a wuce sau huɗu a awa 24, babba kuma ba ya wuce giram 4 a rana, in ka juya lissafin ka raba 1800 da 12 ka ga 150 a kowane kilo sai ka ajiye sirinji ka nemi likita. Haka in ka ɗauko kwalbar da ba ita ba, ko nauyin wani yaron, ko mara lafiyar yana da ciwon ƙoda ko hanta da ya sa ake rage masa magani, lissafi ba ya ganin ko ɗaya.

A maganin yara da magunguna irin digoksin, ka sa abokin aiki ya yi nasa lissafin shi kaɗai daga kati da kwalba, ba tare da ya ga amsarka ba, don in ka nuna masa takardarka ka ce duba min idonsa zai bi layinka ne ya ce daidai ne. In amsoshinku suka saɓa kada a ba da maganin, kowa ya karanta layinsa da baki tare da ma'aunai, kilo kaza sau miligiram kaza a kilo, galibi kafin a kai ƙarshen layi an ji inda ɗaya ya bar 5 mL ko ya manta raba na rana gida biyu.